Me ya sa gyambon bangon baya na tumbi yake zubar da jini haka?

"Likita, kawuna ya yi shekaru yana fama da olsa a nan Marwa, mun ɗauke shi ciwon da ake zama da shi. Makon jiya sai ya yi aman jini har ya suma. Da aka leƙa cikinsa da na'ura, aka ce gyambon yana bangon baya ne, shi ya sa jinin ya yi yawa. Ni dai na kasa ganewa: gyambo ai gyambo ne, mene ne bambancin gaba da baya?"

Ɗan'uwa, Allah Ya ba kawu lafiya, Ya sa kaffara ne. Bambancin yana ga abin da ke maƙwabtaka da kowane bango. Tumbin mutum jaka ce mai fuska biyu, ɗaya tana kallon fatar ciki, ɗaya tana kallon ƙashin baya. Fuskar gaba, ban da gefen hanta da ya ɗan rufe ta, babu abin da ke gabanta sai sararin cikin ciki. Ita kuwa fuskar baya a kwance take kan fankiriyas, wato gaɓar nan mai samar da insulin da ruwan narkar da abinci, kuma a gefen saman wannan gaɓa ne ɗaya daga cikin manyan jijiyoyin jinin ciki take wucewa. Ka ɗauki misalin ɗaki mai katanga biyu da gara take ci. Idan ta huda katangar da ke kallon tsakar gida, abin da ke cikin ɗakin ne zai fito waje. Idan kuma ta ci wadda babban bututun ruwan unguwa yake jingine da bayanta, to ruwa ne zai ɓarko cikin ɗakin. Gyambon gaba ya fi huda tumbi, na baya ya fi zubar da jini, kuma ba za a fahimci dalilin ba sai an bi hanyoyin jinin daga tushensu.

Inda jinin tumbi yake fitowa

Babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya, wadda muke kira awota, tana saukowa ta gaban ƙashin baya. Da zarar ta ratsa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, daidai gaɓa ta 12 ta ƙashin bayan ƙirji, sai ta fitar da wani gajeren reshe mai kauri da ake kira siliyak. Tsawonsa bai fi santimita 1 zuwa 2 ba, sai ya rabu gida uku: jijiyar tumbi ta hagu, jijiyar saifa, da jijiyar hanta. Kusan duk jinin da tumbi yake samu daga waɗannan ukun yake zuwa, ko kai tsaye ko ta rassansu.

Tumbi yana da gefe biyu, ƙaramin lanƙwasa a sama ta ɓangaren dama, da babban lanƙwasa a ƙasa ta ɓangaren hagu. A ƙaramin lanƙwasan, jijiyar tumbi ta hagu tana saukowa daga wajen da bututun abinci yake shiga tumbi, ta haɗu da jijiyar tumbi ta dama da ta taso daga jijiyar hanta. A babban lanƙwasan ma wasu biyu ne suke haɗuwa, ɗaya daga jijiyar saifa, ɗaya daga wani reshen jijiyar hanta. Ƙundun tumbi na sama yana samun nasa daga wasu gajerun jijiyoyi da ke fitowa kusa da saifa. Ka ga ke nan an yi wa tumbi zobe na jini, kuma daga zoben ne ƙananan rassa suke kutsawa cikin naman bangon, su saƙa wata raga a ƙarƙashin fatar cikin tumbi.

Wannan yalwa rahama ce, domin tumbi yana buƙatar jini mai yawa don ya sarrafa ruwan tsami mai ƙarfi, ya kuma kare kansa daga shi. Mu masu tiyata muna cin moriyarta, don muna iya ɗaure jijiya biyu ko uku daga cikin manyan, tumbin kuma ya ci gaba da rayuwa da abin da ya rage. Sai dai idan jijiya ta fashe, yalwar nan ce take zama matsala, saboda jinin yana zuwa wa ramin daga ɓangare biyu. Ko an toshe hanyar da ke sama, ta ƙasa tana ci gaba da kawowa.

Jijiya biyu ne suka fi shafar maganar kawu. Ta farko ita ce jijiyar saifa, wadda ta fi sauran rassan siliyak girma. Daga tsakiyar ciki take tashi, ta nufi hagu tana murɗe-murɗe kamar maciji a kan gefen saman fankiriyas, har ta isa saifa. Duk tsawon tafiyar nan a bayan tumbi take yin ta, kuma abin da ya raba su wani siririn sarari ne da bangayensa suke goga juna. A jikin mutane da yawa tana ma aika wani reshe kai tsaye zuwa bangon baya na tumbi. Ta biyu ita ce gasturodiyodinal, reshen jijiyar hanta da ke gangarowa a manne da bayan farkon ƙaramin hanji, wurin da abinci yake shiga da zarar ya bar tumbi. Na ambace ta ne domin a bakin mutane duka olsa ake cewa, alhali da yawa daga cikin gyambon baya masu zubar da jini ba a tumbin kansa suke ba, a wannan farkon hanji suke, kuma ita ce jijiyar da suke ci. Yana da kyau ku tambayi likitan kawu wanne ne daga cikin biyun, don abin da za a yi nan gaba ya ɗan bambanta.

Yadda gyambo yake isa ga jijiya

Gyambon ciki rami ne da ruwan tsami da sinadarin narkar da nama suke haƙawa bayan kariyar tumbi ta raunana. Abu biyu ne suka fi raunana ta. Ɗaya ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta, wadda wasu likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka tabbatar da alaƙarta da gyambo a farkon shekarun 1980, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ɗayan kuma magungunan ciwon jiki ne irin su dikulofenak da ibufurofen da asfirin, waɗanda a garuruwanmu ake saya a kan tire a bakin tasha kamar goro. Yunwa da yaji suna iya tayar da zafi ga mai gyambo, amma ba su ne suke haƙa ramin ba.

Ramin yana farawa daga fatar ciki. Idan ya kai ga ragar ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashinta, jini yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan, kuma wannan yana faruwa a kowane bango, gaba ko baya. Mafi yawan irin wannan zubar jini, kusan takwas cikin goma, yana tsayawa da kansa. Bambancin yana bayyana ne idan ramin ya ci gaba da zurfi har ya ƙure kaurin bangon. A gaba, babu abin da zai tare shi, sai ya ɓulle, ruwan tsami da abinci su kwarara cikin ciki. Mutum zai ji zafi farat ɗaya kamar an soka masa wuƙa, cikinsa ya ƙage kamar katako, hoton ƙirji kuma ya nuna iska a ƙarƙashin tantanin numfashi. A baya kuwa, tun kafin ramin ya ɓulle, kumburin da ke kewaye da shi ya riga ya manna bangon tumbi da fankiriyas. Ramin ba ya samun sararin da zai zube, sai ya ci gaba da haƙa a cikin maƙwabciyar, har fankiriyas ɗin ya zama shi ne ƙasan gyambon. Idan jijiyar saifa ko wani reshenta yana kan hanya, shi ma ruwan tsamin zai fara cin bangonsa.

A nan ne abin da ya fi ba ni tsoro yake. Idan aka yanke jijiya gaba ɗaya, kamar a raunin wuƙa, bakinta yana tsukewa, ta ja da baya cikin nama, gudan jini ya toshe ta. Jijiyar da gyambo ya ci ba ta samun wannan dama, domin ta gefe aka ɓula ta, kuma tana daskare a cikin tabo mai tauri da shekarun kumburi suka gina, wanda yake riƙe bakin ramin a buɗe. Ga shi kuma jini ne mai bugawa da ƙarfin zuciya, daga jijiyar da tazararta da awota 'yan santimita ne. Gudan jinin da jiki ya yi ƙoƙarin toshe ramin da shi yana zaune ne a cikin ruwan tsami, inda ƙwayoyin daskarar da jini ba sa haɗuwa sosai, sinadarin narkar da nama kuma yana narkar da gudan kamar yadda yake narkar da tsokar da aka ci da rana. Shi ya sa irin wannan jini yake tsayawa ya dawo, kuma dawowar ta fi yawa a cikin kwana uku na farko.

Wani direba da na yi wa aiki

Akwai wani bawan Allah mai kimanin shekara 50, direban babbar mota a hanyar Garwa zuwa Ngawundare, da ban manta da shi ba. Ya daɗe da sanin yana da olsa, yana jiƙa kanwa ya sha idan ta motsa. Kimanin wata biyu kafin a kawo mana shi, ciwon ya canja hali. Da can yana zuwa ya tafi, abinci ko kanwa su kwantar da shi, sai ya koma ciwo mai naci da ke ratsawa zuwa tsakiyar baya, yana hana shi barci. Shi da abokan aikinsa suka ce ai zaman mota ne, sai ya fara shan dikulofenak sau biyu ko uku a rana. Wannan ciwon baya shi ne alamar cewa gyambon ya isa fankiriyas, maganin da yake sha dominsa kuwa shi ne yake ƙara zurfafa ramin, yana kuma rage wa jininsa ƙarfin daskarewa.

Kwana biyu kafin zuwansa ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo da wari na daban. Bai faɗa wa kowa ba. Jini mililita 50 zuwa 100 kawai, wato abin da bai fi ƙaramin kofin shayi ba, ya isa ya baƙanta bayan gida haka, kuma sau da yawa wannan ƙaramar zuba gargaɗi ce kafin babbar. Ranar da aka kawo shi, ya yi aman jini jajawur da guda-guda bayan sallar magariba. Na same shi yana gumi mai sanyi, tafin hannunsa fari fat, bugun zuciyarsa 124 a minti, awon jininsa 95 bisa 60. Gwajin farko ya nuna himogulobin, wato ma'aunin yawan jan jini a jiki, yana kan 11, har ƙaninsa ya ce ashe jinin da ya zuba ba shi da yawa. Na ce masa kada wannan lamba ta ruɗe shi. Wanda ya zubar da jini yanzu-yanzu, abin da ya rage a jikinsa bai riga ya tsinke ba, don haka gwajin yana nuna kamar lafiya, sai bayan wasu sa'o'i, ruwa ya shiga jijiyoyi, sannan gaskiya ta fito. Babban mutum yana da jini kusan lita 5, kuma awon jini ba ya faɗuwa sosai sai an rasa kusan kashi ɗaya cikin uku. Saurin bugun zuciya da jiri idan an tashi zaune sun fi saurin tona asiri. Da asuba himogulobin ɗinsa ya koma 6.8.

Mun sa masa manyan allurai biyu a hannu, muka ba shi ruwa, muka fara omefurazol ta jijiya, miligiram 80 a tashin farko sannan aka ci gaba. Amfanin wannan magani a irin wannan hali shi ne ya kashe tsamin tumbi don gudan jinin ya samu ya zauna. Muka ƙara masa jini, domin ƙa'idar da muke bi ita ce a ƙara idan himogulobin ya sauka ƙasa da 7, ko ƙasa da 8 ga mai ciwon zuciya, ko kuma tun kafin haka idan jinin yana zuba a gaban idonmu. Da safe aka yi masa fiburoskofi, wato leƙa ciki da siririn bututu mai fitila, wanda ake so a yi cikin sa'a 24. Muka ga rami mai faɗin kusan santimita 3 a saman bangon baya, da gudan jini a manne a tsakiyarsa. Aka yi masa allurar adirenalin mai tsuke jijiyoyi a kewayen wurin, aka yi ƙoƙarin sa ɗan maƙalin ƙarfe, amma ƙasan gyambon ya yi tauri, maƙalin ya ƙi kamawa. Bangon baya na sama wuri ne mai wuyar fuskanta da bututun, kuma jijiyar da kaurinta ya wuce milimita 2 ba kasafai na'ura take iya rufe ta ba.

A daren kwana na biyu jinin ya dawo, muka shiga da shi tiyata. Da na buɗe tumbin ta gaba na kwashe gudajen jini, sai na ga ƙasan ramin ba naman tumbi ba ne, fankiriyas ne, ga wata jijiya tana tsartuwa daidai da bugun zuciyarsa. Na danne ta da yatsa har mai ba da maganin barci ya samu ya daidaita shi, sannan na ɗinke ta sama da ƙasan inda ta ɓule, saboda dalilin da na faɗa a baya, cewa jini yana zuwa daga ɓangare biyu. Na raba bangon tumbi daga wurin, na yanke gefen gyambon aka kai gwaji, na rufe tumbin, na bar ƙasan ramin a jikin fankiriyas, don ƙoƙarin ɓanɓaro shi yana iya jawo ɓarnar da ta fi ta farko. Leda 5 na jini ya sha gaba ɗaya, kuma 'yan'uwansa da abokan tasha ne suka bayar. Ya tashi, ya koma gida da ƙafarsa. Amma har yau ina ganin da an leƙa cikinsa a lokacin da ciwon ya fara ratsawa baya, ko ranar da ya ga baƙin bayan gida, da wataƙila ƙwayoyi kaɗai sun wadatar.

Abin da ya rage game da kawu

Ba kowane aman jini ne gyambo ba, musamman a yankinmu. Jinin da ya gama aiki a tumbi yana komawa ne ta hanta, kuma idan hanta ta taurare saboda ciwon hanta nau'in B, ko tsutsar bilhaziya ta hanji da ake ɗauka a ruwan tafki da fadama, jinin yana taruwa ya kumbura jijiyoyin ƙasan maƙoshi har su fashe. Maganin wannan daban ne, kuma na'ura ce take rarrabewa. Tun da an leƙa an ga gyambon kawu, an wuce wannan mataki. Ban ga hoton ba, ban kuma taɓa cikinsa ba, saboda haka ba zan iya ce maka ga jijiyar da ta zuba ba, ko jinin zai dawo ko ba zai dawo ba. Wanda ya riƙe bututun ne ya ga ko ƙasan ramin fari ne tas, wanda haɗarinsa kaɗan ne, ko kuwa akwai kan jijiya a tsaye, wanda shi ne mai yawan dawowa.

Idan ya wuce kwanakin farko lafiya, aikin da ke gaba shi ne a hana ramin sake haƙuwa. A gwada shi don Helikobakta, idan kuma gwajin da aka yi a lokacin zubar jinin ya ce babu, a maimaita daga baya, don a wannan lokaci gwajin yana iya kuskurewa. Idan akwai, maganinta haɗin ƙwayoyi ne na kwana 14, a sha har ƙarshe ko da ya ji sauƙi a kwana na uku, sannan a sake gwaji bayan aƙalla mako 4 don a tabbatar ta mutu. Omefurazol zai ci gaba da sha na mako 6 zuwa 8. Idan gyambon a tumbin kansa yake, dole ne a sake leƙawa bayan wannan lokaci, a ga ya warke, a kuma ɗebi nama daga gefensa, domin wani lokaci ciwon dajin tumbi yana zuwa da kamar gyambo. Na farkon hanji ba kasafai yake zama daji ba, shi ya sa na ce ku tambayi wurin.

Ku tattara duk ƙwayoyin ciwon jiki da ke ɗakinsa, har da haɗe-haɗen da ake sayarwa a ƙulle a leda don gajiya ko sanyin ƙashi, ku kai wa likitansa ya duba. Farasitamol ba ya cin tumbi, shi ne zai sha idan jiki ya yi ciwo. Idan asfirin ɗin likitan zuciya ne ya ɗora shi a kai, kada ya yanke shawarar dainawa ko komawa shi kaɗai, likitocin biyu ne za su tsayar da ranar. Taba tana jinkirta warkewa, ya bar ta. Batun azumi kuma, a tambayi likitansa kafin watan ya kama, don wanda bai daɗe da zubar da jini ba yana cikin marasa lafiyar da aka yi wa rangwame.

Wataƙila za a ba shi ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe, kuma su ma suna baƙanta bayan gida, sai dai nasu baƙin ba shi da danƙon kwalta da warin nan mai tsanani. Idan kun yi shakka, ku ɗauka jini ne. In ya sake ganin baƙi mai danƙo, ko ya yi amai ja ko mai kama da garin kofi, ko jiri ya ɗebe shi da ya miƙe, ko ciwon ya koma ratsawa baya ba ya lafawa, a kwantar da shi ta gefe don kada aman ya shaƙe shi, kada a ba shi madara ko kanwa ko wani jiƙo, a kai shi asibitin da ke da jini da ɗakin tiyata ko da tsakar dare ne. Ku tafi da mutum biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini, kuma tun yanzu ku rubuta rukunin jininsa a takarda ku ajiye tare da sakamakon fiburoskofin.